An Samu Kuskure

In ka shiga asibitin ta babbar ƙofa ka bi hannun hagu, bayan ka wuce bencin masu jira, akwai wata taga mai ƙarafa uku da ɗan katako a ƙasanta inda ake ajiye kati. A bayan tagar nan akawun ɗakin gwaji ya shekara goma sha tara yana zaune. Shi ke karɓar kati, shi ke shigar da suna, shi ke ba da sakamako. Masu shara da masu gadi da nas-nas duk Sai-Haƙuri suke ce masa a bayan idonsa, don abin da ya fi iya faɗa ke nan. Ko jininka ne ya ɓata a firji, ko sunanka aka rubuta a kan kwalbar wani, ko ka zo sau uku ana ce maka gobe, zai gyara gilashi ya dube ka ta samansa ya ce, "To, sai haƙuri." Ba ya faɗa da tausayi. Yana miƙo maka ita ne kamar yadda ake miƙa wa mutum kayansa a ce ya ɗauka ya ba da wuri.

Mutum ne tsaf-tsaf, wannan kam ba a hana shi. Rigarsa kullum a goge, biro uku a aljihu, baƙi da shuɗi da ja, kuma jan na gyaran rubutun wasu ne. A jikin bango ya rataye takardar yabo da aka ba shi shekara bakwai da suka wuce, ta ma'aikacin da bai taɓa samun takardar gargaɗi ba. Kowace safiya sai ya goge gilashinta da hankici kafin ya kunna kwamfuta.

Ubansa mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, da teburi da injin buga rubutu. A gindin teburin nan ya tashi, kuma abu biyu ya gada. Na farko, gajeriyar wasiƙa raini ce. Na biyu, mai hankali ba ya rubuta "na" a gaban mummunan aiki. Uban yakan ce wa mai kawo ƙorafi, "Kada ka ce ka makara. Ka ce an samu jinkiri." Ɗan ya riƙe wannan karatu da hannu biyu, har ya fi malaminsa. A bakinsa ana mantawa, ana ɓatarwa, ana fasawa, amma shi bai taɓa mantawa ba, bai taɓa ɓatarwa ba.

A gida ma haka. Ranar da ya bar ƙaramar 'yarsa a makaranta har la'asar sakaliya don ya sha'afa, ya shigo yana huci ya ce, "An manta ba a ɗauko yarinyar nan ba." Uwar yaran, wadda ta shekara ashirin da biyu tana jin wannan waƙa, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Baban yara, don Allah wata rana ka kawo mini An ɗin nan gida in gan shi. Shi ya fasa fulas, shi ya zubar da makullin ɗaki, yau kuma shi ya manta da 'yarka. Tunda tare muke zaune da shi, ai gara ya riƙa kawo cefane." Bai yi dariya ba. Ya ce mata mata ba su san tsarin magana ba.

Da asibiti ta fara aika sakamako ta imel, ya ji kamar an ƙara masa girma. Da can takarda yake miƙawa ta taga, yanzu kuwa yana da inda zai baje iliminsa. Ko takardar neman biro ce zai aika wa ma'aji sai ya fara da gaisuwa layi huɗu. Sakamakon marasa lafiya ne kawai aka ɗaure masa hannu: babban likita ya ce kanun saƙon "Sakamakon gwaji" kurum, cikinsa layi ɗaya, takardar a maƙala ta da lambar kati, ba suna. Ya bi dokar yana ƙunƙuni, yana ganin an yi wa fasaha asara.

Wata Litinin da safe wata mace ta zo tagar. Malama ce a wata makarantar firamare ta kuɗi, siririya, da alli a gefen hannun rigarta. Ta sunkuyo har goshinta na taɓa ƙarfe ta rage murya.

"Malam, don Allah sakamakona kada a ba ni a takarda. A tura mini ta imel. Iyayen yaranmu nan suke zuwa, ba na son a gan ni ina dawowa."

"Gwajin mene ne?" ya tambaya da ƙarfi, alhali yana gabansa a rubuce.

Ta waiga ta dubi benci, ta ƙara matsowa. "Na juna biyu ne. Ka ga, Juma'ar nan za a sabunta mana kwantiragi. Madam ɗinmu, mai makarantar, in ta san mace na da ciki ba ta sabunta mata. Ba ta faɗa, amma mun ga biyu sun tafi a haka. Maigidana kuma wata biyar ke nan yana kwance, aikin nan shi ke riƙe da mu. In na sa hannu, sai in gaya mata da bakina."

Shi dai bai tambaye ta tarihinta ba, kuma ya nuna mata hakan a fuska. Ya tura mata takarda ta rubuta adireshinta, ya shigar a kwamfuta, ya ce, "Gobe da hantsi. Na gaba."

Washegari da ƙarfe goma sakamako ya fito daga ɗakin gwaji. Tana da ciki. Ya buɗe sabon saƙo, ya maƙala takardar, ya je gurbin adireshi ya buga haruffa uku na farkon sunanta. Kwamfuta, yadda ta saba, ta jero masa sunayen da ta sani masu farawa da haka. Ya latsa na sama ba tare da ya duba ba, don a lokacin idonsa na kan wani dattijo da ya jingina da tagar, yana shirin ce masa nan ba bango ba ne. Ya latsa aikawa. A ƙasan allo ɗan rubutun nan ya fito mai ba mutum 'yan daƙiƙoƙi ya janye, ya tsaya, ya gaji, ya ɓace. Akawu na can yana koya wa dattijo tsayuwa.

Minti ashirin bayan haka wayar ofis ta yi ƙara. Malamar ce, tana magana ƙasa-ƙasa, ana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Malam, har yanzu ban ga saƙon ba."

Ya buɗe jerin saƙonnin da aka aika don ya karanta mata lokacin da ya tura, ya kunyata ta. Sai ya ga adireshin. Sunan farko nata ne, amma sauran ba nata ba ne. Bara, mai wata makaranta ta turo ma'aikatanta gwajin lafiya, aka yi ta musayar saƙo da ita, adireshinta ya zauna a kwamfutar. Takwarar malamar ce. Ya dubi fom ɗin malamar, gurbin wurin aiki, ya dubi sunan makarantar da ke cikin adireshin. Ɗaya ne. Ya aika wa Madam.

Matar tana kan waya tana jira. A nan da ya ce mata ga abin da ya faru, da ko ba komai ta san inda za ta sa ƙafa, ta riga saƙon zuwa ofishin Madam ko ta shirya abin faɗa.

"Matsalar netwok ce," in ji shi. "Za a sake turawa. Ki yi haƙuri."

Ya sake turawa, wannan karon daidai, ya ajiye waya. Sannan ya rufe labulen taga ya rataya kwalin nan mai cewa a ɗan dakata, ya fita da sauri neman mai kula da kwamfutocin asibiti. Ya same shi a ƙarƙashin wani teburi yana fama da waya.

"Injiniya, a ce an aika saƙo inda bai kamata ba. Ana iya dawo da shi?"

"Wa ya aika?"

"A ce dai an aika."

Injiniya ya fito da kansa ya dube shi. "In cikin gidan nan ne, daga ofis zuwa ofis, kuma ba a buɗe ba, wani lokaci ana iya janyewa. In ya fita waje, ya fita. Yana cikin akwatin mutumin, ba ni da hannu a can. Ko ka goge naka, nasa na nan. Abin da ya rage, a rubuta masa yanzu-yanzu a roƙe shi ya goge kada ya buɗe. Kuma a gaya wa babban likita, doka ce."

Maganar babban likita ya bar ta a nan ƙarƙashin teburin. Ya koma ofis ya tarar da Sista ta ɗakin gwaji tsaye tana jiransa da tiren kwalabe. Mace ce mai jiki da saurin magana, wadda ta daɗe da gajiya da shi. Kallo ɗaya ta yi wa allo ta gane komai, don ita ta yi gwajin.

"Innalillahi! Malam, zauna ka rubuta. Layi biyu. 'Na aiko miki da saƙo bisa kuskure da ƙarfe goma, ba naki ba ne. Ki gafarce ni, don Allah ki goge shi ba tare da kin buɗe takardar ba, ki kuma sanar da ni in kin goge.' Shi ke nan. Kada ka ce na waye, kada ka ce na mene ne. Rubuta mana, me kake kallo?"

"Haka kawai? Ba gaisuwa? Mace mai makaranta guda?"

"Gaisuwar me? Gobara ake yi kana neman hula!"

"Kuma 'na aiko bisa kuskure' ai amsa laifi ne a rubuce, Sista. Takarda ba ta mutuwa. Gobe a fito da ita."

"To waye ya aika? Aljani?"

"Ai kwamfuta ce ta kawo sunan."

Sista ta buɗe baki ke nan aka ƙwala mata kira daga ɗakin gaggawa. Ta ajiye tiren tana nuna shi da yatsa. "Layi biyu, Malam. Kafin in dawo. Kuma ka kira baiwar Allahn nan ka gaya mata."

Ta fita, ya numfasa. Ya gyara kujera, ya goge gilashi, ya ɗaga kai ya dubi takardar yabonsa. Sannan ya fara abin da ya fi iyawa a duniya.

Sa'a biyu da rabi ya yi a kan wasiƙar. Masu jira suka cika benci suka tsaya a baranda, wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa taga har hannunta ya gaji. Shi yana ciki yana auna kalmomi kamar mai sayar da zinariya. Ya rubuta "kuskurena", ya goge. Ya rubuta "kuskurenmu", ya ga ko wannan akwai shi a ciki, ya goge. Da ya kai ga "an samu kuskure" sai ya ji ransa ya kwanta, kamar wanda ya dawo gida daga tafiya.

Amma kuskure ba ya samuwa haka kawai, dole mai karatu ya tambayi yadda aka yi. In kuwa ba a bayyana ba, sai a zaci akawu ne bai san aikinsa ba. Saboda haka ya bayyana. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga makaranta da ɗalibanta, da tunatarwa a kan kyakkyawar hulɗar bara, ya shiga sakin layi na uku:

"Abin da ya jawo wannan ruɗani shi ne kasancewar mai takardar takwararki ce, kuma ɗaya daga cikin malaman makarantarki mai albarka, wanda hakan ya sa na'ura ta haɗa sunayen biyu. Duk mai adalci zai ga cewa ba sakacin ma'aikaci ba ne. Kasancewar kuma batun juna biyu abu ne na sirri, wanda wannan asibiti ta shahara wajen kiyayewa, ana roƙon da a goge saƙon ba tare da an buɗe ba."

Ya karanta sau uku. Ya ji daɗin "mai albarka". Ya ji daɗin yadda laifin ya tashi daga kansa ya sauka a kan na'ura da iyayen da suka raɗa wa mata biyu suna ɗaya. A duk tsawon sa'o'in nan, ko sau ɗaya fuskar matar da ta sa goshinta a ƙarfen tagarsa ba ta gilma masa ba. Ya duba adireshi da kyau, harafi bayan harafi, don shi mutum ne mai kula. Ya aika.

Amsa ba ta yi minti goma ba ta iso. Madam ba ta da ciwon dogon rubutu.

"Ban ma buɗe na farkon ba, na ɗauka ragowar takardun bara ne. Na goge. Na gode da bayani."

Ya yi murmushi har kunne. Da Sista ta dawo, gumi sharkaf, ya juya mata allo yana ƙwanƙwasa shi da jan biro. "Kin gani? An goge. Har da godiya. Rubutu ai iyawa ne."

Sista ta sunkuya ta karanta amsar, ta gangara ƙasa ta karanta wasiƙarsa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta miƙe ba ta yi ihu ba, abin da ya ba shi mamaki.

"Malam," ta ce, "an ce maka ka rufe ƙofa, sai ka tsaya a bakinta kana karanta wa mutane abin da ke cikin ɗakin. Allah ya isar wa yarinyar nan."

Ta ɗauki tirenta ta wuce ofishin babban likita. Washegari aka ba shi takardar gargaɗi ta farko a rayuwarsa. Ya mayar da amsa shafi biyu, ya kuma kai ƙarar Sista wurin uwar yaransa, cewa an yi masa hassada a wurin aiki. Ta ce, "An kuma? Bawan Allahn nan ba ya hutawa." Asibiti ta kira malamar ta ba ta haƙuri a hukumance, ta ce an samu kuskure a wajen aika saƙo. Shi dai bai kira ta ba. Ya ce tunda hukuma ta yi magana, maganarsa ƙari ce.

Litinin ta zagayo. Wajen ƙarfe tara, lokacin da ya kamata a ce kowace malama tana gaban allo, ya ɗaga kai ya gan ta a layi. Ba ta tsallake kowa ba, ta jira har aka zo kanta. Babu alli a hannun rigarta. Wannan karon ba ta sunkuyo ba, ba ta kuma rage murya ba. Ta ajiye wata takarda a kan katakon ta tura masa ta ƙarƙashin ƙarfe. Wasiƙarsa ce, an buga ta a takarda.

"Sakatariyar makaranta ce ta ba ni, don tausayi," in ji ta. "Ranar Juma'a kowa ya sa hannu ban da ni. Madam ta ce an rage azuzuwa, an duba an ga ba gurbi. Ba ta ce ciki ba. Ita ma ta iya irin maganarka."

Ya gyara gilashi.

"Malama, ai abin da ya faru shi ne, an samu..."

"Na karanta abin da aka samu. Sau goma na karanta. Madam ta ce ba ta buɗe na farkon ba, Malam. Amsarta na nan a ƙasa, ga ta. Da ka yi shiru ma gaba ɗaya, da watakila yau ina aji. Kuskuren farko ban riƙe ka da shi ba, hannu ne, kowa yana yi. Amma na kira ka, kana kallon abin a gabanka, ka ce mini netwok. Sannan ka zauna ka sayar da ni don ka wanke rigarka."

Ya laluba cikin kansa, inda kalmomi suke jere shekara da shekaru kamar kaya a kanti, bai sami ko ɗaya da za ta yi ba. Sai bakinsa ya ɗauko wadda ya saba.

"To... sai haƙuri."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Haƙuri ai ni zan yi, ba sai ka ce ba. Ni zan koma gida in gaya wa mutumin da ke kwance. Ni zan nemi aiki da ciki a gaba. Wannan duk nawa ne. Kai fa? Kai me za ka yi? Ban zo don a mayar mini da aiki ba, ba ka da shi. Na zo in ji ko cikin shafin nan guda akwai wanda ya yi abin. Na duba ban gan shi ba."

Ta tsaya tana jira. Ta ba shi lokaci, fiye da wanda ya taɓa ba wani a tagar nan. Ya dubi takardar, ya ga "mai albarka", ya ga "duk mai adalci", ya ji kunya ta taso masa, irin wadda bai taɓa ji ba. Kalmar tana nan a kan harshensa, gajeriya ce, yaro ma ya iya ta. Amma shekara hamsin bai taɓa ɗaga ta ba, ta yi masa nauyi.

Ta gyara jakarta a kafaɗa ta juya. Ya bi ta da ido ta wuce benci, ta wuce mai gadi, ta fita ta babbar ƙofa. Sai da hasken waje ya haɗiye ta sannan abin ya fito.

"Ni ne," ya ce. "Ni ne."

Na gaba a layi wani tsoho ne mai kwalbar fitsari a nannaɗe cikin leda, wanda kunnensa bai kama komai ba cikin abin da aka yi. Ya matso ya ajiye katinsa a kan wasiƙar.

"Ai na san kai ne, ɗana," ya ce. "Shi ya sa na miƙo maka."